An Yi Sallama, An Amsa Da Jerin Farashi: Inda Masu Ciniki Ta Waya Ke Yin Tuntuɓe

Duk wanda ke sayar da kaya ta WhatsApp ya san irin wannan saƙon. Lambar da ba a sani ba ce, hoton da ke kanta fure ne ko Ka'aba, saƙon kuwa harafi uku ne kacal: "Slm". Wani lokaci cikakkiyar sallama ce, wani lokaci "Ina wuni", wani lokaci murya ce ta daƙiƙa biyu. Babu tambaya a ciki, babu sunan kaya, babu ko alamar abin da ya kawo mai saƙon.

Abin da mai kaya ya yi a cikin 'yan mintunan da suka biyo baya shi ke nuna ko za a yi ciniki. Akasarin masu kaya suna faɗawa cikin ɗayan ramuka biyu. Wasu su kwararo wa baƙon duk abin da ke shagon, hoto bayan hoto, da farashi, da lambar asusun banki. Wasu kuma su karanta su yi gum, suna jiran sai ya faɗi abin da ke tafe da shi. Na farko yana ganin ya nuna himma, na biyu yana ganin ya tsare lokacinsa, amma kuskurensu ɗaya ne: dukkansu ba su gane aikin da gaisuwar ta zo yi ba.

Gaisuwar da ta zo ita kaɗai aiki biyu take yi a lokaci guda. Tana girmama wanda aka gaisar, tana kuma tambayar ko akwai mutum a wajen da zai saurara. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Emanuel Schegloff, ya yi nazarin yadda ake buɗe magana ta tarho, ya wallafa sakamakon a 1968 bayan ya bi diddigin kira kusan 500 da aka yi wa wani ofishin 'yan sanda. Ya nuna cewa ƙarar tarho kira ce, ɗagawar da aka yi aka yi magana kuma amsa kiran ce, sannan bayan amsar, wanda ya kira shi ke da hakkin kawo maganar farko. Wanda aka kira ba ya fara zuba labari, domin ba shi ya zo da buƙata ba. Aikinsa ya nuna yana nan, ya ba da fili.

Bahaushe bai jira wani bincike ba kafin ya san wannan. A Kantin Kwari, idan mace ta tsaya bakin shago ta yi sallama, yaron shago yakan amsa, ya ce sannu da zuwa Hajiya, ya turo mata kujera, sannan ya tambayi me za a kawo. Da a ce kafin ta rufe baki ya hau sauko da atamfa da leshi da shadda da yadi yana jibge su a gabanta yana kiran kuɗinsu, da maƙwabtan shago sun fito kallo. Da kuma ya dube ta ya ci gaba da danna wayarsa, da maigidansa ya sallame shi kafin la'asar. Abin mamaki, mutumin da ba zai taɓa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan a shago ba shi ne yake yin duka biyun a waya, kullum, ba tare da ya ji komai ba.

A ɗauki misalin wata mai sayar da kayan sawa daga gidanta a Kano. Tana da atamfofi, da leshi, da mayafai, da takalma da jakunkuna, tana kuma haɗa lefe. Da ƙarfe tara na dare saƙo ya shigo: "Assalamu alaikum." Cikin doki ta tura hotuna talatin, ta bi su da dogon rubutun da ta saba liƙawa ga kowa, mai ɗauke da farashi, da sharaɗin cewa ba a bashi, ba a mayar da kaya, da kuɗin kai kaya unguwa-unguwa, da lambar asusu a ƙarshe. Shuɗayen alamomin nan biyu suka nuna an karanta. Daga nan ba ta sake jin ɗuriyar mai saƙon ba.

Me ya faru a ɗaya ɓangaren? Da farko, ba a amsa sallamar ba, ko kuma amsar ta nutse a ƙarƙashin hotuna. Na biyu, wayoyi da yawa suna sauke hotunan WhatsApp da kansu, saboda haka datar baƙuwar ce ta tafi, kuma ma'ajiyar wayarta ta cika da hotunan takalman da ba ta nema ba. Ga mai sayen data kaɗan-kaɗan, wannan ba ƙaramin abin haushi ba ne. Na uku, an ɗora mata aiki. Ta zo da tambaya ɗaya, wataƙila ko akwai mayafi ruwan toka irin wanda ta gani a jikin ƙawarta, yanzu sai ta bi hotuna talatin tana neman abin da mai kayan za ta iya gaya mata da kalma ɗaya. Na huɗu, kuma shi ne mafi ciwo, an gaya mata ba a bashi tun kafin ta buɗe baki. Mutumin da bai roƙi komai ba an riga an hana shi.

Akwai kuma asarar da mai kayan ba za ta taɓa gani ba. Idan baƙuwar uwar ango ce mai neman a haɗa mata akwati shida, jerin farashin ɗai-ɗai ya ba ta lissafin da ya fi na sari tsada, sai ta tsorata ta nufi wani wajen. Idan daga Maraɗi ko Damagaram take, kuɗin kai kaya zuwa Hotoro da Rijiyar Zaki bai shafe ta ba. Abin da take son ji shi ne ko ana ba direba saƙo ya tsallaka da shi, da yadda za ta biya tunda sefa ce a hannunta. Idan kuma ba mai saye ba ce, wata mai irin sana'ar ce ke leƙen farashi, to an miƙa mata komai a faranti.

Ga yadda hirar za ta iya tafiya da an bi ta a hankali. Mai kaya ta rubuta: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da dare, sannu da zuwa. Me za a duba miki?" Baƙuwa ta ce mayafi take nema. Mai kaya ta tambaya: babba ko madaidaici, kuma wane launi? Aka ce ruwan toka, babba. Sai hotuna uku suka tafi, kowanne da kuɗinsa a ƙasansa. Saƙo huɗu ko biyar ke nan, kuma kowane saƙo ya rage faɗin abin da ake nema. Lambar asusu ba ta fito ba sai da aka ce "wannan nake so". Sharaɗin mayar da kaya shi ma a nan ne wurinsa, dab da biyan kuɗi, lokacin da yake da amfani ga mai saye.

Amsar farkon nan gaɓa uku gare ta: mayar da gaisuwa, marhabin, da tambaya guda ɗaya mai buɗe ƙofa. Wanda sana'arsa ba ta bayyana daga sunansa yana iya ƙara rabin layi, kamar "nan shagon ɗinki ne na mata", don wanda ya ɓata lamba ya gane da wuri. Wannan ya isa. Gaya wa mutum inda ya zo daban, karanto masa duk abin da ke cikin shagon daban.

Ramin na biyu, wato yin shiru, ya fi samun masu kare shi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Mai kayan da ke samun saƙo ɗari a yini zai ce rabinsu "Slm" ne, kuma da yawa daga cikin masu turo shi ko an amsa ba sa dawowa. Wasu ma sukan rubuta a bayanin shafinsu cewa a tafi kai tsaye ga magana, ba a amsa gaisuwa. Ma'aikatan ofis a ƙasashen Turai da Amurka su ma sun daɗe suna ƙorafi kan abokin aikin da zai turo gaisuwa ita kaɗai ya tsaya jira, alhali da ya haɗa da tambayarsa da an gama. A tsakanin abokan aiki da ke zaune kan aiki ɗaya, wannan ƙorafi yana da ƙafa.

Sai dai mai saye ba abokin aiki ba ne, kuma ba a ɗauke shi aiki don ya koyi tsarin mai kaya ba. Yana da dalilansa na fara turo gaisuwa tsura. Tarbiyyar da ya taso da ita ta ce ba a faɗa wa mutum da buƙata ba sallama. Lambar kuma wataƙila daga wani ya karɓa, ko a jikin wata leda ya gani, yana son ya tabbatar tana aiki kafin ya zauna rubuta dogon bayani. Wani lokacin kunya ce. Mai neman maganin wata lalura, ko matar da ke son tambayar kayan gyaran jiki, ko magidancin da ke son jin ko ana biya kashi-kashi, duk suna so su fara jin irin muryar da za ta amsa kafin su saki jiki. Shiru yana gaya musu abin da suke tsoro.

Ga Musulmi kuma akwai abin da ya wuce ciniki. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko a mayar da irinta, kuma malamai sun yi bayanin cewa fara sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi ne. Wanda ya turo sallama aka karanta aka yi banza da shi ba ya fassara abin da cewa mai kaya aiki ya yi masa yawa. Wulaƙanci yake gani. Tun daga 2014 da WhatsApp ya kawo shuɗayen alamomin da ke nuna an karanta saƙo, shiru ya daina zama abin da ake iya ɓoyewa a bayan "ban gani ba", sai fa ga wanda ya kashe alamar.

Ga manyan kamfanoni shirun yana da wani farashi na daban. Waɗanda ke amfani da babban tsarin da ake kira WhatsApp Business Platform, irin su bankuna da kamfanonin jiragen sama, suna da awa 24 daga saƙon ƙarshe na mai hulɗa da su don su ba shi amsa yadda suka ga dama. Idan lokacin ya wuce, ba za su iya tura masa komai ba sai irin saƙon da aka riga aka tsara aka amince da shi. Gaisuwa tsura ma tana buɗe wannan taga. Ma'aikacin da ya tsallake ta yana jiran "tambaya ta gaske" yana ƙona lokacin da aka ba shi ne.

Akwai wani nau'in watsi da gaisuwa da ya fi shiru yawa, wato a amsa saƙon a tsallake gaisuwar. An ce "Assalamu alaikum", an dawo da "Wa ke magana?" Ko "Ina ji." Ko alamar tambaya ita kaɗai, ko babban yatsa. Wasu sukan ce "Lafiya?", wadda a bakin Bahaushe, idan ta zo ita kaɗai da sigar tambaya, nufinta me ya faru ka neme ni. Masu irin wannan amsa sukan yi mamaki idan aka ce musu sun yi rashin kirki, don a ganinsu ai sun amsa. Tambayar sunan mutum ba laifi ba ce, amma bayan an mayar masa da gaisuwarsa take zuwa, kuma "da wa nake magana, don Allah?" ba ɗaya take da "waye?" ba.

Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a watan Janairun 2018 don ƙananan 'yan kasuwa, ta zo da abin da ya kamata ya rage wannan matsala, amma a hannun mutane da yawa ƙara ta ya yi. A cikin `Business tools` akwai `Greeting message`, saƙon da ke tafiya da kansa ga duk wanda ya yi magana karo na farko, ko wanda ya dawo bayan kwana 14 ba a yi hira da shi ba. A nan ne masu kaya ke cusa tarihin shagonsu kaf, da taurari da furanni, har sai mai karatu ya danna `Read more`. Sharaɗin kwana 14 ɗin nan kuma yana da tarko. Matar da ta shekara uku tana sayen kaya a wajen, wadda aka san sunan 'ya'yanta, idan ta yi sati uku ba ta leƙo ba ta turo "Maman Ummi ina wuni", abin da zai fara tarbarta shi ne saƙon barka da zuwa shagonmu, ga abubuwan da muke sayarwa. An mayar da ita baƙuwa.

Gyaran ba shi da wuya. A wajen `Recipients` ana iya zaɓar `Everyone not in address book`, yadda saƙon zai tafi ga lambobin da ba a ajiye ba kawai, tsofaffin abokan ciniki kuma su sami amsa daga hannun mutum. Shi kansa saƙon a taƙaita shi zuwa layi biyu ko uku: gaisuwa, sunan shago, da roƙon a faɗi abin da ake buƙata. Tunda ba a san da wace gaisuwa baƙon zai zo ba, ko sallama ko barka da rana ko ta Turanci, gara saƙon ya ɗauki wadda ta dace da kowa, kamar "sannu da zuwa", kada kuma ya ce Hajiya ko Alhaji ga wanda ba a san ko mace ce ko namiji ba. Jerin kaya yana da nasa gidan, `Catalog`, inda mai so zai shiga ya duba da kansa ba tare da an cika masa waya ba. Amsoshin da ake yawan maimaitawa kuma, irin su kuɗin kai kaya da lambar asusu, a ajiye su a `Quick replies`, a kira kowacce da alamar `/` idan lokacinta ya yi. Abu ɗaya da bai kamata a manta ba: saƙon da ya tafi da kansa bai sauke nauyin amsa ba. Mai sallama ya san ba mutum ne ya rubuto masa a lokacin ba, yana nan yana jira.

Wani kuskuren kuma daga wancan gefen yake, kuma na masu kirki ne. An amsa sallama, an tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi aiki da sanyi da gajiya, kowace tambaya da saƙonta, kowane saƙo da jiran rabin awa. Fuska da fuska wannan jerin gaisuwa minti ɗaya yake ci. A rubuce yana iya cin yini, har mai saye ya ji nauyin katse ta ya kawo maganar kuɗi, mai kaya shi ma yana jin nauyin tambaya. Mai kaya ne ya kamata ya buɗe hanyar, ya haɗa gaisuwar da tambayar a saƙo ɗaya: "Lafiya lau, alhamdu lillahi, ya gida? Akwai abin da za a duba?"

Yanayin da gaisuwar ta zo da shi ma yana ɗauke da bayani. Wanda ya turo murya sau da yawa yana nuna cewa magana ta fi masa sauƙi a kan karatun boko, don haka amsa masa da dogon rubutu daidai yake da rashin amsawa. Wanda ya gaisar da Hausa aka mayar masa da Turanci yakan ji an ɗaga masa kai. Wanda ya ce "Barka da rana" a mayar masa da "Barka kadai", ba sai an sauya masa gaisuwar da wadda bai yi ba, domin masu sayen kaya a Kano da Kaduna da Jos ba addininsu ɗaya ba, ba kuma yarensu ɗaya ba. Wanda kuma ya shigo ta tallar Facebook ko Instagram, sau da yawa saƙonsa na farko rubutaccen layi ne da tallar ta cika masa, kuma akan ga alamar tallar a saman hirar. Shi wannan an riga an san abin da ya gani, sai a gaishe shi a tafi kan wannan kayan kai tsaye.

Ba kowace gaisuwa ce ta mai saye ba, wannan gaskiya ne. 'Yan damfara ma da gaisuwa suke farawa, daga baya su kawo labarin aikin da ake samun kuɗi daga gida, ko su ce an turo wata lamba mai alƙaluma shida bisa kuskure a taimaka a karanto musu, wadda ita ce mabuɗin ƙwace WhatsApp ɗin mutum. Mata masu sana'a kuma suna fama da masu "Slm" ɗin da ba kaya suka zo saye ba. Amma wannan hujja ce a kan mai zuba komai tun farko, wanda ya ba da lambar asusu da kwatancen gida ga wanda bai sani ba. Gajeriyar amsa mai tambaya ɗaya ba ta ba ɗan damfara komai, kuma saƙonsa na biyu ko na uku zai tona shi. Daga nan `Block` yana nan.

Mai kayan da ke son sanin ko yana cikin masu wannan kuskure ba ya buƙatar kowa ya gaya masa. Ya buɗe wayarsa ya ware hirarraki ashirin na baya-bayan nan da suka fara da gaisuwa tsura, ya duba abu biyu a kowacce: me ya mayar, kuma wa ya yi maganar ƙarshe. Idan mafi yawansu sun mutu ne a kan dogon saƙonsa, an karanta ba a ce komai ba, to yana cika wa mutane ciki tun kafin su zauna. Idan kuwa ya tarar da sallama a jere, ta jiya da ta shekaranjiya daga lamba ɗaya, wani lokaci da "ko ba kowa ne?" a ƙarshe, to shirunsa ne ke korar su. Zai iya sauya amsar farkon zuwa gajeriyar nan ta sati biyu, ya sa wa sababbin hirarrakin alama, sannan ya ƙirga nawa ne suka kai ga mai saye ya faɗi abin da yake nema, ya gwada da ashirin ɗin farko.